Kwana tara a masauki a Legas: an ce an yi min ragi, amma kuɗin ya haura dubu ɗari uku

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Na zo Legas fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, aiki ya ja ni na kwana tara a wani masauki a Surulere. Ɗaki N30,000 ne duk dare, kuma ran da na sauka yarinyar risefshan ta ce wanda ya kai kwana bakwai ana rage masa kashi 10. Na ba da N200,000 kafin alƙalami. Ni a lissafina N243,000 ne gaba ɗaya. Yanzu da daddare suka miƙo min takarda: ɗaki 270,000, sabis caji 27,000, VAT 22,275, wani harajin kuma 14,850, sai can ƙasa ragi 27,000, jimla 307,125. Wai in cika N107,125. Gobe Laraba zan tafi. Don Allah wanda ya san harkar ya duba min, cuta ce ko haka abin yake?

Baban Khalifa, Agege: Wa alaikumus salam. Alhaji cuta ce tsagwaronta. Sun ga baƙo ɗan Arewa da babbar riga. Haraji biyu a takarda ɗaya, a ina aka taɓa yi? Ka cika musu 43,000 ɗinka ka ɗauki jakarka.

Malam Akanta: Baban Khalifa, a bi a hankali, kada mu tura bawan Allah ya je ya yi rigimar da ba zai ci ba. Harajin nan biyu duk na gaske ne. VAT na gwamnatin tarayya ne, kashi 7.5, tun Fabrairun 2020 aka ɗaga shi daga kashi 5. Ɗayan kuma na jihar Legas ne, kashi 5, da dokar jihar ta 2009 ta ɗora wa masu kwana a otal da masu cin abinci a gidajen abinci, hukumar harajin jihar, LIRS, ke karɓa. An sha zuwa kotu a kan ko ya dace a haɗa su biyun, amma a aikace masaukai da yawa a garin nan duka biyun suke sa wa a takarda. Sabis caji ne kaɗai ba na gwamnati ba. Wannan na gidan ne, su suka yanka wa kansu.

Amma Alhaji, akwai kuskure a takardar, sai dai ba inda kake zato ba. Ka duba inda suka ajiye ragin. Sun fara lissafa sabis caji a kan 270,000, suka samu 27,000. Suka haɗa ya zama 297,000, suka ɗora VAT da harajin jiha a kan wannan. Sai da komai ya gama hawa sannan suka cire maka 27,000 a ƙasa. Ma'ana ka biya sabis da haraji a kan kuɗin ɗakin da ba a karɓa daga hannunka ba. Haraji yana bin abin da aka sayar maka da shi ne, kai kuma ɗakin nan N27,000 aka sayar maka duk dare, ba N30,000 ba.

Ga yadda ya kamata ya tafi, ko da an bi tsarinsu a duk sauran abubuwan. Ɗaki bayan ragi 243,000. Sabis caji kashi 10 na wannan, 24,300. Haɗe 267,300. VAT a kai 20,047.50, harajin jiha 13,365. Jimla 300,712.50. Ka cire 200,000 da ka bayar, cikonka N100,712.50 ne. Tsakanin wannan da abin da suka nema akwai N6,412.50.

Ɗan Kwari: Malam na gode. Wato duk wannan ɗaga hankalin nawa a kan dubu shida ne? Ni na ɗauka dubu sittin da huɗu suka ɗora min.

Malam Akanta: Dubu sittin da huɗun ita ce tazarar da ke tsakanin lissafinka da nasu, amma kusan dubu hamsin da takwas a ciki caji ne da haraji da kai ba ka sa a lissafinka ba. Abin tambaya a nan shi ne, ran da ka sauka sun gaya maka 30,000 ɗin har da haraji ne ko ban da shi? Ka tuna katin da ka cike a risefshan ka sa hannu, ko allon farashin da ke manne a bango. In an rubuta cewa farashin ya haɗa da komai, to maganar ta sauya gaba ɗaya, 243,000 ɗinka ya tsaya. In kuma an rubuta ana ƙara caji da haraji, ba ka da ta cewa a nan.

Ɗan Kwari: Na sauko na duba yanzu. Akwai allo a bayan kantar, a ƙasansa da ƙananan baƙaƙe an rubuta "exclusive of service charge and taxes". Wallahi kwana tara ina wucewa ta gabansa ban taɓa lura ba. Kalanda ma ta rufe rabinsa.

Injiniya Obalende: Ni a ganina lissafin bai kai wannan tsawon ba. Sabis 10, VAT 7.5, na jiha 5, duka 22.5. A cire ragi 10, saura 12.5. Ɗora 12.5 a kan 270,000, ya ba ka 303,750. Shi ke nan. Kuma ai ko an cire ragi a farko ko a ƙarshe duk ɗaya ne, tun a sakandare aka koya mana.

Malam Akanta: Injiniya, rabin maganarka daidai ne. Gaskiya ne in ragin kashi ne, ko a farko ko a ƙarshe ɗaya ne, amma da sharaɗin a ƙarshen a cire shi daga jimlar duka. Gwada ka gani: jimlarsu kafin ragi 334,125 ce. Kashi 10 nata 33,412.50. Cire shi, sai ka dawo 300,712.50, daidai da abin da na samu. Su kuma ba haka suka yi ba, kashi 10 na ɗaki kaɗai suka cire daga jimlar da ta riga ta kumbura. A nan dubu shidan ta maƙale.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cire 10 daga 22.5. Ba a kan kuɗi ɗaya suke zaune ba. Ragin yana kan 270,000, su kuma cajin suna kan 243,000. In ka haɗa su wuri ɗaya ka ba masaukin kyautar wajen dubu uku ba tare da sun roƙa ba.

Injiniya Obalende: To na ji. Amma 22.5 ɗin nan fa da na faɗa, in na ɗora shi a kan 243,000 ina samun 297,675, ba 300,712 ba. Wa ya yi kuskure a cikinmu?

Malam Akanta: Babu. Ka taɓo wurin da masaukai suka rabu. Naka lissafin ya ɗora kowane kashi a kan kuɗin ɗaki kai tsaye, nawa kuma ya bi tsarin takardar Alhaji, inda aka fara haɗa sabis da ɗaki sannan aka sa haraji a kai. Bambancin N3,037.50 ne, wato haraji a kan 24,300 na sabis. Na ga takardun da ke yin kowanne cikin biyun. A VAT dai ni ina ganin suna da hujja, tunda sabis cajin dole ne, ya zama ɓangaren kuɗin da ka biya don hidimar. A kan kashi 5 na jiha kuwa na ji masu cewa bai kamata ya hau sabis ba. Alhaji zai iya tambaya, amma kada ya sa shi gaba. Maganar ragin ita ce wadda ba su da amsarta.

Maman Ihsan: Ni dai Alhaji ka gode wa Allah sun ba ka ragin a kan kwanakin duka. Bara na kawo mahaifiyata asibiti a Idi-Araba, muka kwana goma sha ɗaya a wani masauki kusa da wurin. Su ma haka suka ce, ragi ga wanda ya kai mako. Ranar tafiya sai ga shi ragin a kan kwana huɗun da suka biyo bayan makon ne kawai, bakwai na farko cikakken kuɗi. Na yi magana har na gaji, manajan ya ce ai haka tsarinsu yake, ni kuma ba ni da komai a rubuce. Ga Hajiya a mota tana jira da ledar magunguna a cinya, dole na biya. Sannan ka kula da lokacin fita. Mu mun wuce sha biyun rana da awa biyu muna jiran direba, suka ce sai mun ƙara rabin kwana.

Baban Khalifa, Agege: Ni har yanzu sabis cajin nan ne bai kwanta min ba. Wane sabis? Ruwan zafi ma a bokiti ake kawo wa mutum a irin wuraren nan. Kuma wa ya tabbatar maka harajin yana isa gwamnati?

Malam Akanta: Wannan tambayar taka mai kyau ce. Alhaji, ka nemi rasit na gaske mai sunan masaukin da lambar harajinsu ta TIN, kowane caji a layinsa. Gidan da ke karɓar VAT da sunan gwamnati bai kamata ya yi nauyin baki wajen ba da wannan ba. In ka ga sun fara cewa ka biya a asusun wani mutum daban su yafe maka harajin, ka san inda aka dosa. Kai da kake da kamfani ma rasit ɗin zai yi maka amfani wajen lissafin kuɗin da fitar da kayan ya ci.

Kuma kada ka tsaya ja da yarinyar risefshan, ita abin da kwamfuta ta fitar take miƙawa. Ka nemi manaja tun da safe, ka ce masa abu ɗaya: a sa kuɗin ɗaki 27,000 duk dare a sake fitar da takardar. In aka gyara wannan layin, sauran za su gyara kansu.

Ɗan Kwari: Jama'a ga yadda aka ƙare. Ƙarfe takwas na samu manajan, na rubuta masa lissafin Malam a bayan takardarsu. Ya danna kalkuleta sau biyu, ya ce wai yarinyar ce ta shigar da ragin a matsayin kuɗin da aka biya maimakon ta sauya farashin ɗakin. Ya sake bugo wata, 300,712.50. Na kawo maganar haraji a kan sabis, ya ce wannan daga akantansu ne, ba zai taɓa ba. Na tura 100,700, ya ce a bar canjin. Rasit ɗin akwai TIN a kai. Sai dai Malam, sun ƙara min wata 'yar takarda daban ta wanki, N8,000, ita babu VAT babu sabis a kanta, da hannu ma aka rubuta. Na biya don ina sauri in kama mota zuwa Apapa.

Malam Akanta: Ta wankin nan ina zaton ba ta bi ta kwamfutar gidan ba, ƙila yaron da ya yi wankin ne ke karɓar abinsa. Kaya nawa ka ba shi?

Ɗan Kwari: Shadda huɗu da hula biyu.

Baban Khalifa, Agege: Dubu takwas? Da ka kawo Agege da dubu uku an gama maka har da guga.