Malami ya ce ilimin yana nan amma bai ga amsata ba: yaya kuka gyara maƙalar da ta warwatse?

Mai Karatun Dare:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su faɗa mini yadda suka yi. An ba mu tambaya a darasin tarihi: "Shin ƙawancen manyan ƙasashen Turai ne babban dalilin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya?" Na yi karatu iya ƙoƙarina, na rubuta shafi biyar, sakin layi tara. Da takardar ta dawo, malamin ya rubuta a ƙasa cewa ilimin yana nan, amma bai ga amsata ba. Abin ya dame ni, don ban rubuta komai da ba gaskiya ba. An ba ni mako guda in gyara. Ga sakin layi na huɗu, ku ga irin abin da na yi:

"A ranar 28 ga Yuni 1914 Gavrilo Princip ya harbe Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya, a Sarajevo. Jamus da Ostiriya da Italiya sun ƙulla ƙawance tun 1882. Faransa da Rasha sun ƙulla nasu a 1894. Haka kuma Birtaniya da Jamus suna gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi. Italiya ba ta shiga yaƙin ba sai 1915. Birtaniya ta shiga ranar 4 ga Agusta bayan Jamus ta kutsa Beljiyam."

Ɗan Aji Uku:

Wa alaikumus salam, Yaya. Ni a ganina tsawo ne matsalar. Da aka yi mini irin wannan gyara, sai na yanka kowane dogon sakin layi gida biyu, kada ya wuce layi shida. Takardar ta yi kyan gani, kuma makina ya ɗan ƙaru.

Tsohon Malamin Tarihi:

Ɗana, duba sakin layin nata da kyau. Jimla shida ne kacal, ba tsawo ke damunsa ba. In ka raba shi biyu, za ta samu guntaye biyu da kowanne bai ce komai ba.

'Yata, na shekara da yawa ina duba irin wannan rubutu, kuma abin da nake sa ɗalibai su fara yi shi ne su ajiye tunanin sake rubutawa tukuna. Buga maƙalar a takarda, ki sa wa kowane sakin layi lamba. Sai ki rubuta a gefensa, cikin jimla ɗaya tak, abin da yake son mai karatu ya yarda da shi. Abu biyu za su tona miki inda ɓarakar take. In kin ga abin da kika iya rubutawa suna ne kawai, kamar "ƙawance" ko "abubuwan da suka faru a 1914", to babu da'awa a wurin, kanun batu ne kawai. In kuwa sai da kika sa "da kuma" sau biyu kafin jimlar ta ɗauke komai, to sakin layi biyu ko uku ne kika cusa wuri guda.

Gwada a naki na huɗu. Kisan Sarajevo zance ne daban. Gasar jiragen ruwa dalili ne mai hamayya da ƙawance, wurinsa daban. Shekarun 1882 da 1894 suna goyon bayan tambayar. Zancen Italiya kuwa yana ƙalubalantarta ne kai tsaye, tun da ga ƙasa tana cikin ƙawance amma ta ƙi bin abokanta a 1914, daga baya ma ta yaƙi Ostiriya. Wannan ce jimla mafi daraja a sakin layin, amma kin jefa ta tsakiya ba ki ce mata komai ba. Shi mai dubawa ba zai yi miki wannan tunanin ba, ko da ya gane inda kika nufa.

Yadda nake gane da'awa ta gaske: shin mai hankali zai iya cewa "ban yarda ba"? Ba wanda zai musa cewa an ƙulla ƙawance a 1882. Amma in kin ce ƙawancen bai tilasta wa kowa shiga yaƙi ba, za a samu mai ja da ke, kuma a nan ne hujja take samun aikin yi.

Uwar Biyu:

Malam ya faɗi gaskiya, amma ni da na koma karatu bayan shekaru, rubutun gefen takarda bai ishe ni ba, don na kasa rabuwa da tsarin da na fara yi. Idona ya saba da shi. Sai na ɗauki almakashi na yanka maƙalar jimla-jimla, na baza a ƙasa, na rubuta da'awa huɗu a manyan takardu, na riƙa ɗaukar kowace jimla ina tambayar kaina wace da'awa take tallafa wa. Ƙanwata, ki shirya ranki, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na jimlolina ba su samu gida ba. Ciki har da waɗanda na fi wahala wajen nemo su. Na zuba su a ambulan ban yar ba, biyu daga ciki sun yi mini amfani a gabatarwa, sauran suna nan har yau. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata da'awa da nake ji da ita ta tashi da jimla ɗaya kawai a ƙarƙashinta. Ashe ra'ayi nake da shi, ba hujja. Sai da na koma laburare.

Mai Biron Kore:

Game da komawa kan tambaya, mu an koya mana hanya mai sauƙi. Ki rufe kowane sakin layi da "wannan ya nuna cewa", sai ki maimaita kalmomin tambayar. Haka na yi a jarrabawa kuma na ci.

Tsohon Malamin Tarihi:

Akwai gaskiya a maganarka, don a ɗakin jarrabawa, lokaci na gudu, hakan yana hana mutum ɓata. Amma na karanta maƙaloli da yawa da kowane sakin layi ya ƙare da "wannan ya nuna cewa ƙawance ne babban dalili", har da wanda ya yi magana kan gasar makamai. Kalmomin sun dawo, ma'anar ba ta dawo ba. Tambayar nan tana da kalmar "babban", wato ana so a auna ne. Don haka jimlar rufewa ta faɗi nauyin wannan batu: ya ƙarfafa amsar, ya raunana ta, ko ya taƙaita ta ga wani ɓangare? In za ka iya ɗauke jimlar ƙarshe daga sakin layi na biyu ka manna a na biyar ba tare da an ji bambanci ba, to ba ta haɗa komai ba.

Mai Karatun Dare:

Na gode muku. Na yi na gefen takarda jiya da dare. Cikin tara, uku ne kawai ke da da'awa. Ga abin da na fitar daga tarkacen na huɗu da na shida:

"Ƙawance ne ya mayar da rikicin ƙasashe biyu yaƙin nahiya guda. Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya ranar 28 ga Yuli. Rasha ta ba da umarnin shirya dukkan sojojinta ranar 30 ga wata saboda yarjejeniyar ƙawancenta da Sabiya. Jamus ta ƙaddamar da yaƙi kan Rasha ranar 1 ga Agusta, sannan kan Faransa ranar 3. Faransa ba ta da hannu a abin da ya faru a Sarajevo, ƙawancenta da Rasha ne ya sa Jamus ta ɗauke ta abokiyar gaba tun farko. Saboda haka ƙawance ya bayyana yadda wutar ta bazu cikin mako guda, ko da bai bayyana wanda ya kunna ta ba."

Tsohon Malamin Tarihi:

Madalla, yanzu na ji muryarki. Jimlar ƙarshe ta yi aikinta, ta ba ƙawance haƙƙinsa kuma ta sa masa iyaka. Amma akwai gyara ɗaya mai muhimmanci. Babu yarjejeniyar ƙawance a rubuce da ta wajabta wa Rasha kare Sabiya. Ta tsaya mata ne don tana ɗaukar kanta uwar ɗakin al'ummomin Silab, waɗanda mutanen Sabiya ke cikinsu, kuma ba ta son a sake kunyata ta kamar yadda aka yi a rikicin Bosniya na 1908. Lura da cewa a tsohon rubutunki wannan kuskure ba zai fito ba, don jimlar ba ta ɗauke da nauyin komai. Da kika ɗora mata da'awa sai tsagar ta bayyana. Ki gyara ta, kuma ki kai ainihin zancen Rasha sakin layi na gaba tare da Italiya da Birtaniya, wadda ita ma dalilin da ta bayar a fili shi ne yarjejeniyar 1839 ta kare 'yan-ba-ruwancin Beljiyam. Hujja uku ke nan a ƙarƙashin da'awa ɗaya, cewa ƙawancen bai tilasta wa kowa shiga yaƙi ba.

Mai Gyaran Rubutu:

Malam, da izininka, ina da ja kaɗan. Aikina duba rubutun mutane ne kafin a buga, kuma na gaji da sakin layin da ana fara shi na san yadda zai ƙare. Da'awa, hujja, komawa, sau takwas a jere, kamar tafiyar soja. Wani lokaci ya fi daɗi a jera hujjar tukuna, da'awar ta faɗo a ƙarshe da kanta. Kuma sakin layin da ke ba da labarin yadda abu ya gudana, don mai karatu ya san inda yake, ba dole ya yi jayayya da kowa ba.

Uwar Biyu:

Haka ne, Yaya, amma wanda ka kwatanta ya riga ya san da'awarsa, wurin ajiye ta kawai ya canja. Mu da muke tambaya ba mu san tamu ba sai da muka rubuta ta a sarari. Ni dai na fi son in fara da ita a sama, in daga baya na ga ta yi tauri in motsa ta.

Mai Karatun Dare:

Na gyara zancen Rasha, Malam, Allah ya saka da alheri. Yanzu sakin layi shida nake da su, kuma da na karanta jimlolin farko kaɗai a jere, sun ba da amsa mai ma'ana, sai na biyar da na ga ya kamata ya riga na uku. Abin da ya rage mini shi ne kisan Sarajevo. Ba da'awa ba ne, amma ba zai yiwu in cire shi ba. Na sa shi jimla biyu a gabatarwa, sai dai ina ganin kamar ya cancanci fiye da haka, tun da an yi rikicin Maroko tsakanin Jamus da Faransa a 1905 da 1911, ƙawancen yana nan, kuma ba a yi yaƙi ba. Ko wannan ma wata da'awa ce da ban lura da ita ba?