Neman kalmar Hausa: me za mu kira `rerank`?

Bazazzagiya: Salamu alaikum. Ina rubuta bayanin manhajarmu ta amsa tambayoyin manoma, sai na cije a kan kalma ɗaya. Manomi ya turo tambaya, BM25, wato tsarin bincike mai bin kalmomin tambaya, ya kwaso mana sakin layi 50 daga takardun malaman gona, amma biyar kacal muke miƙa wa injin da ke rubuta amsa. A tsakani akwai matakin da ake kira `rerank`. Na sa masa "tankaɗe", sai dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam Yaya. Ai tankaɗe ya zauna daram. An zuba 50 a rariya, gari ya sauka, tsaki ya tsaya. Ko ki ce tacewa.

Malam Na Tudu: Ƙanena, ka kama rabi. Rariya gida biyu take rabawa, ba ta cewa wannan ƙwayar ta fi waccan. Shi kuwa wannan matakin ba ya zubar da komai: 50 suka shiga, 50 za su fito, kowanne da makinsa, sai jerin ya canja. Yanke biyar ɗin sama wani aiki ne daban, ke ce kika zaɓi adadin. Kuma ko a cikin biyar ɗin jeri yana da tasiri. Binciken Lost in the Middle na 2023 ya nuna injinan nan sun fi amfani da abin da ke farko ko ƙarshen rubutun da aka ba su, na tsakiya yakan shige musu.

Bazazzagiya: Malam, bari in nuna abin da na gani da idona. Wani ya tambaya, "Yaushe zan zuba wa masara taki na biyu?" Na saman jerin duk maganar farashin buhu ce da yadda ake adana taki, don sun yi ta maimaita "masara" da "taki". Wanda ke da amsar yana can na 23. Shi cewa ya yi a ƙara yuriya mako huɗu zuwa shida bayan shuka, "taki" sau ɗaya ya fito a cikinsa. Injin bai gan shi ba, sai ya tsara amsa mai daɗin karatu marar amfani. Da muka sa `bge-reranker-v2-m3`, wani injin `rerank`, sakin layin ya hau na biyu.

Malam Na Tudu: To kin ga dalili. BM25 kalmomi yake ƙirgawa, bai san yuriya taki ba ce. Injin `rerank` kuwa yana haɗa tambayar da sakin layi ɗaya ya karanta su tare, ya ba da maki, ya ɗauki na gaba, har sau 50. Shi ya sa ba a sake shi a kan dukkan takardu, manomi zai gaji da jira. Kamar malamin da ya zauna da takardun jarrabawa ne, ya duba kowacce, sannan ya fitar da na ɗaya da na biyu. Ni "sake jeri" nake so, injin kuma "mai sake jeri".

Baƙon Maraɗi: Ni fa na gwada abin nan, bai tsinana mini komai ba. Masu tambaya suna rubuta "kasa", takarduna suna da "ƙasa", amsa ba ta fitowa.

Malam Na Tudu: Ɗan'uwa, ciwonka a matakin farko yake. A wurin BM25 waɗannan kalmomi biyu ne daban, don haka sakin layin bai ma shiga cikin 50 ɗin ba, kuma ba a sake jera abin da ba a kwaso ba. Ga yadda za ka gane: tara tambayoyi 30 da ka san inda amsarsu take. In amsar tana cikin 50 amma ba ta cikin biyar, sake jeri zai taimaka. In babu ita sam, je ka daidaita ƙ, ɗ da ɓ a ɓangarorin biyu tukuna.

Ɗan Kurmi: Na ji, na janye tankaɗe. Amma "sake jeri" ya yi mini lami, Malam. Ko sunaye aka jera daga A zuwa Z aka juya su, an sake jeri. Ina maganar cancanta? Me ya hana "tantancewa"?

Bazazzagiya: Tantancewa tana kai hankalina wurin ɗaukar aiki, inda ake sallamar wasu, mun koma gidan rariya ke nan. Amma ƙorafinka gaskiya ne. A farkon bayanin zan rubuta "sake jeri bisa dacewa", daga nan in riƙa cewa "sake jeri". Yankan biyar ɗin nake tunanin bar wa tankaɗe.

Malam Na Tudu: Na farkon na yarda. Na biyun ki dakata, rariya ba ta ƙirga biyar.