Me za mu kira gyaran rubutun da na'ura ta karanta daga hoto?

Malam Sabo: Jama'a, ina rubuta ɗan jagora ga ɗaliban da za su taya mu aiki kan tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Mukan ɗauki hoton shafi, manhajar OCR ta mayar da shi rubutu, sannan mutum ya bi ya gyara. Sunan wannan aikin na ƙarshe nake nema. Ga irin abin da ke fitowa:

```
Sarkin kasar ya aika sako ga yan maka-
ranta, ya ce kada su 6ata Iokaci.
```

A takardar, ƙasar ce, da saƙo, da 'yan makaranta, da ɓata lokaci.

Ɗan Fagge: Ai gyaran hoto ke nan. Ku ƙara haske, ku miƙe shafin, shi ke nan.

Malam Sabo: A'a ɗan'uwa, hoton lafiyarsa lau, a 300 dpi muka ɗauka. Rubutun da ya fito daga cikinsa ne ya gurɓace.

Hajiya Binta: Ni a maɗaba'a "gyaran rubutu" muke cewa, ko "duba kurakurai". Me ya sa za a ƙago sabuwa? Ku sa manhajar duba kalmomi ta ja jan layi, a bi a gyara.

Malam Ilu: Hajiya, rabin maganarki gaskiya ce. Jan layi zai kama `6ata` da `Iokaci`, domin ba kalmomi ba ne. Nan lamba 6 ce ta zauna a gurbin ɓ, can kuma babbar `I` a gurbin ƙaramar `l`. Haka `rn` kan haɗe ta koma `m`, sifili kuma ya rikiɗe ya zama `O`. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu haɗarin su ne waɗanda lanƙwasa ta faɗi amma kalmar ta ci gaba da zama Hausa. Saƙo ya koma sako, ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Ba jan layin da zai fito. Dalilin kuwa, idan aka sa manhajar OCR mai suna Tesseract da `-l eng`, wato saitin Ingilishi, ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin baƙaƙen da ta sani, don haka dole ta zaɓi wanda ya fi kama. Shi ya sa mai wannan aiki ba ya dogara da jimla ta yi ma'ana. Hoto a hagu, rubutu a dama, layi bayan layi. Sunan da za mu zaɓa ya kamata ya nuna gwadawa da asali. Malaman da ke kwafar littattafai da hannu muƙabala suke kiran wannan.

Hajiya Binta: Malam, ka ce wa ɗalibi "zo mu yi muƙabala" yau, sai ya ɗauka malamai biyu ne za su zauna musu a kawo littattafai. Kalmar ta riga ta tafi can.

Rabi daga Damagaram: Mu namu da ƙari. Muna rubuta ƴ, kamar a ƴaƴa, kuma manhajarmu kan Faransanci aka saita ta, sai ta riƙa ɗora wa wasula alamun da babu su a takarda. Ga kurakuran kansu ina ganin "tuntuɓen na'ura", tunda muna da tuntuɓen alƙalami.

Malam Sabo: Wannan ta zauna, Malama Rabi. Na ɗauka. Saura sunan aikin.

Ɗan Fagge: To ku sauya duk `k` zuwa `ƙ` a lokaci guda mana.

Malam Ilu: Kai! Sai kasuwa da kuɗi da Kano su tafi da su. Haka ma karan ɗori na ƙarshen layi, kada wanda ya share su duka. `maka-` da `ranta` dole a haɗe su, amma idan layi ya yanke a tsakiyar daban-daban ko sannu-sannu, karan na kalmar ne, share shi sabon kuskure ne. Kuma a gaya wa ɗalibai: idan tsohuwar jaridar ta rubuta kalma ba yadda muke rubuta ta yau ba, a bar ta yadda take. Abin da na'ura ta ɓata kaɗai ake taɓawa. Saboda haka nake gudun "gyaran rubutu", don tana ba yaro lasisin gyara wa marubucin. Ni "bitar karatun na'ura" zan ce.

Hajiya Binta: Ta yi tsawo. A ofis "bita" kawai za a riƙa cewa, bita kuwa taron horaswa mutane za su zata. "Gyaran tuntuɓe" ya fi daɗin faɗa.

Malam Sabo: A jagoran zan sa "tuntuɓen na'ura" ga kurakuran. Kan babin kuma na rubuta duka biyun da fensir, ranar Asabar in ji wanda ɗaliban suka fi ganewa.