Yaya zan raba ƙidayar kayan sito a aikin dare ɗaya?

Assalamu alaikum. Ina aiki a siton wani kantin sayar da magani na sari a Kano, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. An ba ni ƙidayar kanta 40 kafin in tashi, in kuma ware duk maganin da kwanansa ya kusa ƙarewa.

Na raba aikin kanta biyar-biyar, kowane kashi awa ɗaya. Sai dai kantocin ba ɗaya ba ne. Na ruwan ƙari kwali ne a rufe, minti biyar ya isa. Na ƙwayoyi kuwa sai na buɗe kwali na duba lambar rukuni da kwanan wata, ya kan ci minti arba'in. Ga shi ana zuwa ɗaukar kaya tsakar dare, lissafin kantar da na gama ya canza. Jiya da asuba na samu bambancin kwali 3, na rasa a wane kashi kuskuren ya shiga.

Ku da kuka daɗe a wannan aiki, da yawan kanta kuke rabawa ko da nau'in kaya? Wace alama kuke sa wa kantar da aka gama, yadda ko an taɓa ta za a gane?