Na'urar kunna famfo tana sake tashi da kanta a fadama: laifin kayan allo ne ko na manhaja?

Mai tambaya, daga Argungu

Assalamu alaikum, malamaina. Na haɗa wa mahaifina na'urar da ke kunna famfon ban-ruwa a gonarsa ta shinkafa idan an aika mata saƙon tes. ESP32 ce mai ɗauke da manhajar, da SIM800L mai ɗauke da layin waya, da rile guda mai kunna famfon, kuma wutarsu duka daga batir mai bolt 12 take, ta hanyar LM2596 mai rage wuta da na saita a bolt 5, sannan na sa dayod 1N4007 kafin SIM800L domin ya rage mata wuta. A gida, tana haɗe da kwamfuta, takan kwana tana aiki lafiya, amma a fadama sai ta mutu ta sake tashi duk lokacin da za ta mayar da amsa. Na auna ƙafar 3V3 da maltimita na ga 3.29. Na sake rubuta manhajar sau uku ba canji. Ta yaya zan gane inda matsalar take?

Mai gyaran sola, Jega

Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa, ka duba famfon tukuna, domin lokacin da yake tashi yana jan wuta mai yawa har batir ya durƙusa. Na sha ganin haka a rijiyoyin da nake yi wa aiki.

Mai tambaya

Na gode, Malam. Famfon yana da nasa faifan sola daban, kuma ko na cire rilen gaba ɗaya matsalar tana nan.

Injiniya, Birnin Kebbi

Ƙanena, cire rilen da ka yi ya rage mana aiki. Amma ka daina taɓa manhajar daga yau har sai ita na'urar ta faɗa maka abin da ya kashe ta, domin ESP32 tana rubuta dalilin tashinta a layin siriyal kowane lokaci, ko ka nema ko ba ka nema ba. Abin da ya hana ka ganinsa shi ne wayar USB. Da zarar ka sa ta domin ka buɗe Serial Monitor, kwamfutar ta koma tana ba allon wuta, wato ka rufe ainihin abin da kake nema da hannunka. Ban da haka, a kan alluna da yawa buɗe tagar kaɗai yakan sake tayar da na'urar, sai ka rasa abin da ya gabata.

Saboda haka ka samo ƙaramar adaftar USB zuwa siriyal, irin CP2102 ko CH340, ka haɗa wayoyi biyu rak: GND ɗinta da GND na allon, sai RX ɗinta da ƙafar TX0. Kada ka haɗa VCC ko kaɗan. Ka saita gudun a 115200, ka ƙara waɗannan layuka a farkon setup, shi ne kawai canjin da na yarda ka yi:

```
Serial.begin(115200);
Serial.printf("dalili=%d\n", esp_reset_reason());
```

Idan ka ga 1, wutar ce ta yanke gaba ɗaya ta dawo. Idan 9 ne, wutar ta yi ƙasa har mai gadin wuta da ke cikinta ya tsayar da ita. Idan 4 ne, manhajar ce ta faɗi, 5 da 6 kuma suna nufin wani ɓangare nata ya maƙale bai saki ba. Ka tafi da kwamfutar gonar, ka aika saƙon a can, ka kawo mana abin da ya fito ba tare da ka gyara ko harafi ɗaya ba.

Mai tambaya

Na je da safe, Injiniya, na gwada sau shida, kuma sau biyar ga abin da ya fito:

```
Brownout detector was triggered

rst:0xc (SW_CPU_RESET),boot:0x13 (SPI_FAST_FLASH_BOOT)
dalili=9
```

Ɗalibi, Gusau

To ai ga amsa nan. SW yana nufin manhaja ce ta sake tayar da ita, kuma mita ta nuna maka 3.29, wato wuta ƙalau take. Akwai layi ɗaya da ake kashe wannan mai gadin da shi, na yi amfani da shi a aikina na kyamara kuma bai sake damuna ba.

Injiniya

Ɗan'uwa na Gusau ya karanta layin daidai, fassararsa ce ba ta cika ba. Gaskiya ne manhaja ce ta bayar da umarnin sake tashi, amma ta bayar da shi ne bayan mai gadin ya sanar da ita cewa wuta ta sauka zuwa wajen bolt 2.4, shi ya sa layin da ke sama ya fi na ƙasa muhimmanci. Kashe shi kuwa ba na ba da shawara, musamman ga abin da za a bari a gona ba mai kallo. ESP32 tana son bolt 3.0 zuwa 3.6, kuma idan ta ci gaba da aiki ƙasa da haka tana iya karanta shirme ko ta sandare. Na'urar da ta sake tashi za ta dawo aiki, wadda ta sandare famfo na kunne kuwa sai an je an same ta.

Batun 3.29 shi ne nake so a fahimta sosai, domin a nan ne mita ke ruɗin mutane. SIM800L ba ta jan wuta bai ɗaya. Idan tana magana da turken sadarwa takan fizgi har amfiya 2 na ɗan lokacin da ya ɗan wuce rabin milisakan, ta huta, ta sake fizga bayan milisakan 4.6, wato kashi ɗaya cikin takwas na lokacin ne kawai take ja. Maltimita irin tamu kuwa sau biyu ko uku take sabunta lamba a daƙiƙa, kuma matsakaici take nunawa. Ba ƙarya ta yi maka ba, abin ne ya fi ta sauri. Wannan kuma shi ya bayyana bambancin gida da gona ta fuska ta biyu: turken ne ke gaya wa SIM800L ƙarfin da za ta yi magana da shi, a cikin gari kaɗan ya isa, a fadama inda sabis ke da rauni sai ta buɗe ƙarfinta duka.

Tun da mita ba za ta kama fizgar ba, sai mu sa mata nauyin da yake tsaye wuri ɗaya. Ka cire ESP32 da SIM800L, ka sa rizisto mai om 10, wat 5, daidai inda suke karɓar wuta, tsakanin bolt 5 da GND. Zai ja kusan rabin amfiya kuma zai yi zafi, ka kula da yatsunka. Ka auna a bakin LM2596, sannan ka auna a ƙafafun riziston. Idan wutar ta faɗi tun a bakin LM2596, LM2596 ɗin ce ko batir ke da rauni. Idan can tana nan daram amma ta ragu a wajen riziston, hanyar da ke tsakani ce ke shanye ta. Kada ka yi ƙoƙarin saka mitar a tsakiyar waya domin auna amfiya, domin ramin miliamfiya yana da fis ƙarami, kuma mitar da kanta tana ƙara rage wutar.

Mai gyaran waya, Yauri

Ni abin da ya faru da ni daban ne, amma wataƙila ya yi amfani. Na taɓa haɗa irin wannan a shago, takan yi lafiya da safe ta rikice da azahar, ashe dalmar ƙafar GND ce ba ta kama ba, zafi na buɗe ta. Ƙarar mita ta nuna min a haɗe take, sai da na danna allon da tsinke ina kallon siriyal na gano wurin. Idan har yanzu a kan biredibod kayanka suke, ƙurar hunturun nan kaɗai ta isa.

Mai tambaya

Yaya na Yauri, a kan biredibod suke kuwa, da siraran wayoyin nan masu launi. Injiniya, a bakin LM2596 na samu 5.00, a wajen riziston kuma 4.67.

Injiniya

Madalla, yanzu lissafi ya fito. Riziston yana jan amfiya 0.467, an kuma rasa bolt 0.33 a hanya, idan ka raba sai ka samu kusan om 0.7 a wayoyin da ramukan biredibod, zuwa da dawowa. A idon mutum wannan ba komai ba ne, amma a amfiya 2 ya zama bolt 1.4, sai biyar ɗinka ta koma 3.6. AMS1117 da ke kan yawancin allunan nan yana buƙatar rarar kusan bolt 1 kafin ya riƙe 3.3, don haka abin da ke isa ESP32 a wannan ƙiftawar bai wuce 2.5 ko 2.6 ba, gab da inda mai gadin yake tsaye. Shi ya sa ta tsira sau ɗaya cikin shida.

Ka ja wa SIM800L wayoyinta biyu masu kauri, gajeru, kai tsaye daga bakin LM2596, ESP32 ma nata daban, kada ɗaya ta bi ta kan ɗaya. Ka sa kafasita mai maikirofarad 1000 manne da ƙafafun SIM800L, bayan dayod ɗin, ka kama komai da dalma kamar yadda ɗan'uwa na Yauri ya nuna. Da ni ne ma da na cire dayod ɗin na ba SIM800L tata LM2596 ɗin a bolt 4.0, domin tsakanin 3.4 da 4.4 take aiki, kuma 1N4007 na amfiya 1 ne. Manhajar kuwa ka bar ta yadda take, domin idan ka canja abu biyu a tare ba za ka san wanda ya yi magani ba.

Mai tambaya

Allah Ya saka da alheri. Na yi duka, na aika saƙo arba'in a gona ba ta faɗi ba. Sai dai da na bar ta ta kwana, da asuba na tarar da wani abu sabo:

```
Guru Meditation Error: Core  1 panic'ed (LoadProhibited)
EXCVADDR: 0x00000000
dalili=4
```

Ɗalibi

Wannan karon dai manhaja ce, Injiniya. Adireshin sifili yana nuna an karanta wurin da babu komai. Ina zargin strstr ce ta nemi wata kalma a amsar SIM800L ba ta samu ba, aka yi amfani da abin da ta mayar ba a duba ba.

Injiniya

Na fi karkata ga maganarka, amma faɗuwa ɗaya ba ta ishe ni hujja ba, tun da asuba ce lokacin da batirin sola ya fi rauni. Ƙanena, ka adana layin Backtrace na wannan, wato lambobin da ke nuna inda manhajar ta faɗi, ka sa ta riƙa rubuta ESP.getFreeHeap() da millis() kowane minti, ka kuma auna batirin kafin rana ta fito. Idan ta sake faɗuwa da lambobin Backtrace iri ɗaya, wuri ɗaya ne a manhajar, sai mu bi shi har layinsa. Idan sauran ma'ajiyar da getFreeHeap ke nunawa tana raguwa awa bayan awa, yoyo ne a manhajar. Idan kuma lambobin Backtrace suna sauyawa kowane dare, mu koma kan wuta.

Mai tambaya

Na sa su, kuma na bar kwamfutar a bukkar mai gadin gona. Mahaifina zai ci gaba da kunna famfon da hannu har jibi, lokacin zan kawo muku na dare biyu, in Allah Ya yarda.