Ɗana yana Malesiya, azumin wace ƙasa zai bi?

Maman Abba, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Kuala Lumpur, kuma a 2024 mu a Kaduna mun ɗauki azumi ranar Litinin, su sai Talata, alhali agogonsu yana gaba da namu da awa 7. Yaya za a yi waɗanda gari ya riga waye musu su koma bayanmu? Shin in umarce shi ya riƙa bin sanarwar gida?

Alhaji Ɗanlami, Kawo: Hajiya, wata ɗaya ne, alƙibla ɗaya ce. Ni a ganina ya bi Makka kawai, domin su suna da na'urori, kuma da an yi haka da duk wannan saɓani ya ƙare.

Malam Sani, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kasancewarsu gaba da mu a agogo shi ne ma ya sa suka makara. Akwai lokaci guda da wata yake daidaita da rana, kuma wannan lokacin ɗaya ne ga duniya baki ɗaya, amma jinjirin wata ba ya bayyana sai ya ɗan yi nisa da rana, sannan ba a dubansa sai bayan faɗuwar rana, wadda kowace ƙasa take da tata.

A shekarar da kika ambata, daidaituwar ta faru ne ranar Lahadi 10 ga Maris da misalin ƙarfe 10 na safe agogon Najeriya, wato ƙarfe 5 na yamma a Malesiya. Da rana ta faɗi a Kuala Lumpur wajen ƙarfe 7 da rabi, watan bai wuce awa 2 da rabi da haihuwa ba, kuma ba ido ba na'ura da za ta kama shi a wannan hali. A Makka ya kai kusan awa 6 da rabi, a nan Kaduna kuma ya doshi awa 9. Duk yadda aka nausa yamma, faɗuwar rana tana jinkiri, watan kuma yana ƙara tsawo a sama, don haka mutanen yamma sun fi na gabas damar gani a dare ɗaya. Ga shi kuma Malesiya da maƙwabtanta suna da sharaɗin cewa sai tsayin wata ya kai digiri 3, tazararsa da rana kuma digiri 6.4. Bai kai ba, suka cika Sha'aban talatin.

Alhaji Ɗanlami, da girmamawa, Najeriya ba sanarwar Saudiyya take jira ba. Kwamitin duban wata ne yake tattara shaidu, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato.

Injiniya Bala, Barnawa: Lissafin Malam Sani daidai ne, sai dai ya bar mini tambaya. Masana taurari suna cewa ba a tabbatar da ganin wata da ido ƙasa da kimanin awa 15 ba, kuma Maroko da take yamma da mu ita ma Talata ta ɗauka. Ashe ke nan bambancin yanki kaɗai bai bayyana komai ba, akwai kuma bambanci a yadda kowace ƙasa take tantance shaida. Ban ce kowa ya yi ƙarya ba, amma har yanzu abin yana ɗaure mini kai.

Malama Hauwa, Rigasa: Hajiya, kada ki ɗora masa sanarwar gida. A Sahihu Muslim, Kuraibu ya ga wata a Sham daren Juma'a, mutanen Madina kuma suka gani daren Asabar, Ibn Abbas bai ɗauki ganin Sham ba, ya ce haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su. Shafi'iyya, waɗanda su ne mafi yawa a Malesiya, sun riƙi wannan. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne gani a wuri ɗaya yana lazimtar sauran, amma ko a cikinta akwai malaman da suka keɓe ƙasashe masu nisa ƙwarai. Ɗanki ya yi azumi tare da mutanen garin da yake, ya sha ruwa tare da su.

Maman Abba: Na gode, Malama. Idan kuma ya fara a can ya dawo gida yin Sallah fa?

Malama Hauwa: Ya yi Sallah ranar da Kaduna ta yi. Idan ya fara bayanmu da kwana ɗaya, mu kuma watanmu ya zo da 29, to ya yi 28 ke nan, sai ya rama ɗaya bayan Sallah, domin wata ba ya gaza kwana 29.

Alhaji Ɗanlami: Na karɓi gyara a kan batun Makka, amma tambayar Injiniya fa, Malam Sani, muna nan muna jiran amsarta.