Wa'adin kwana 14 a takardar sabunta haya: idan ya wuce, sai kwashe kaya?

Maman Fati, Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Hayar ɗaki da falon da nake ciki a nan Kumasi, ƙasar Ghana, za ta ƙare ran 31 ga Maris. Mai gida ya aiko takarda cewa zai ƙara mini shekara guda, amma kuɗin ya tashi daga sidi 400 zuwa 550 a wata, in biya na shekara gaba ɗaya, kuma kuɗin ruwa ya dawo kaina. Ya ba ni kwana 14 in ba da amsa. Maƙwabcina ya ce idan wa'adin ya wuce ban amsa ba, shi ke nan, doka ta ba shi dama ya fitar da ni ranar da hayar ta ƙare. Haka ne?

Alhaji Mai Gidaje, Sawaba: Wa alaikumus salam. Hajiya, maƙwabcinki bai yi ƙarya ba. Ni ma ina da 'yan haya, kuma irin takardar nan nake ba su. Yarjejeniyar shekara ce, shekara ta cika. Mutum ya mutunta ki ya rubuto tun da sauran wata biyu, ya ce ga sabon farashi. Idan kika yi shiru, me kike so ya fahimta? Akwai masu jiran ɗakin, wani ma da kuɗin shekara biyu a hannu. Siminti ya tashi, kwano ya tashi, mai kwashe masai ma ya ƙara kuɗi.

Ɗan Kejetiya: Ni abin da na sani akasin haka ne. Shiru ai amincewa ce. A shagona haka aka yi mini, ban amsa takarda ba, wata ya kama na tura sabon kuɗin ta momo, wato ta asusun kuɗi na waya, zance ya ƙare. Har yau ina ciki.

Kawu Tsohon Akawu: Bari in sa baki, don na yi shekaru ina buga irin waɗannan takardu a ofishin lauya a Adum. Alhaji da Ɗan Kejetiya duk kun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Takardar da ke hannun Maman Fati tayi ne. Wa'adin kwana 14 kuwa tsawon rayuwar tayin ne. Idan ya wuce ba ta amsa ba, tayin ya mutu, wato ba za ta zo ran kwana na 20 ta ce dole sai an ba ta shekara a kan 550 ba. Mai gida yana iya cewa wancan farashi ya wuce. A nan Alhaji yana da gaskiya. Amma mutuwar tayi daban, fitar da mutum daga ɗaki daban. Dokar haya ta Ghana, ta 1963, wadda ake kira doka ta 220, ta ce mai gida ba ya karɓe ɗakinsa daga hannun ɗan haya sai da umarnin kotu, kuma sashe na 17 ya jera dalilan da kotu za ta saurara. Akwai bashin haya da ya kai wata guda ba a biya ba, akwai saɓa sharuɗɗan zama ko damun maƙwabta, akwai mai gida yana bukatar wurin don zaman kansa ko iyalinsa, akwai babban gyaran da ba zai yiwu da mutum a ciki ba. "Ba ta amsa wasiƙata ba" ba ya cikin jerin. Wanda hayarsa ta ƙare bai fita ba, doka tana kallonsa a matsayin ɗan haya na wata-wata a kan sharuɗɗan da yake kai, muddin yana biya.

Kai kuma Ɗan Kejetiya, ba shirunka ne ya ɗaure ka ba, momon da ka tura ne. Ranar da ka biya sabon farashi, ranar ka karɓi tayin da hannunka. Shiru shi kaɗai ba ya zama amincewa, ko da an rubuta a takardar cewa za a ɗauke shi haka.

Alhaji Mai Gidaje, Sawaba: To Kawu, kenan gidan da na gina da gumina, mutum zai zauna a tsohon farashi har sai ya ga dama? Wannan wace irin doka ce?

Kawu Tsohon Akawu: A'a Alhaji, kana da hanya. Ofishin Ren Kontrol, wato hukumar gwamnati mai kula da harkar haya, na nan, kuma ba na 'yan haya kaɗai ba ne. Mai gida ko ɗan haya, kowa yana iya neman jami'insu ya zo ya duba ɗakin ya ƙiyasta kuɗin da ya dace. Idan ka yi gyara, ka sa tayil, ka ja famfo cikin gida, ka nuna musu. Abin da ba ka da shi shi ne ka cire ƙofa, ko ka yaye kwano, ko ka yanke wuta don mutum ya gaji ya tafi. Na ga masu gida da suka shiga da gaskiyarsu suka fito da laifi saboda wannan.

Yaya Mai Ɗinki: Maman Fati, kada ki sa hannu a komai! Notis ɗin tashi ne wannan. Yayata haka aka yi mata a Asawase, ta sa hannu, bayan wata uku kayanta suna waje ana ruwa a kansu. Har yau idan na tuna katifar yaranta a jiƙe raina ɓaci yake.

Maman Fati, Aboabo: Allah ya saka mata, Yaya. Amma tawa ba ta tashi ba ce, a samanta an rubuta sabunta haya ne. Kawu, ga wani abu. Kwanan watan da ke kan takardar 1 ga Fabrairu ne, amma sai ran 5 mai kula da gidan ya miƙo mini, a naɗe cikin ledar burodi, ina tsaka da wanki. Daga yaushe zan fara ƙirga?

Kawu Tsohon Akawu: Duba lafazin da kyau, 'yata. Idan an ce kwana 14 daga ranar takarda, ran 15 ne. Idan an ce daga ranar da kika karɓa, ran 19 ne, amma wa zai shaida ran 5 aka ba ki? Ki ɗauka ran 15 ne ki huta da gardama, kuma ki rubuta ranar da ta iso hannunki a cikin amsarki.

Yanzu mu yi lissafi, don mutane suna kallon 550 su tsaya nan. Ƙarin 150 ne a wata, 1,800 a shekara. Idan rabonki na ruwa ya kama kamar 40 a wata, ainihin hayarki ta zama 590, ƙarin ya zama 190, ya kusa rabin abin da kike biya da. Kuma takardar ba ta ce yadda za a raba ruwan ba. A gidan da mita guda ce, ana rabawa ne bisa ɗaki ko bisa yawan kai? Mai yara huɗu da gwauro ba za su so amsa ɗaya ba. Wannan layin ya fi jawo faɗa a tsakar gida fiye da kuɗin hayar kansa, don haka sai an rubuta shi.

Sai adibas. Shekara guda 6,600 ke nan a dunƙule. Sashe na 25 na dokar nan ya hana mai gida neman fiye da na wata shida a gaba, wato 3,300. Laifi ne a doka, ba shawara ba.

Inda nake so ki yi hattara shi ne yadda za ki amsa. Idan kika rubuta "ban yarda da 550 ba, 500 zan biya", kin ƙi tayinsa kin kawo naki, kuma nasa ya faɗi ko da wa'adi bai cika ba. Idan ya ƙi 500, ba ki da ikon komawa ki ce to na karɓi 550 ɗin sai in ya so. Amma idan tambaya kika yi, tayin yana nan da ransa. Ki sa a rubuta miki kamar haka: na karɓi takardarka mai kwanan wata 1 ga Fabrairu a ran 5; ina son ci gaba da zama; ina roƙon a duba ko za a iya sassauta kuɗin, a karɓi wata shida-shida, a kuma bayyana yadda za a raba ruwa; zan ba da amsata ta ƙarshe kafin ran 15. Kwafi biyu, ya sa hannu da kwanan wata a kan naki. Idan mai kula da gida ne zai karɓa, shi ma ya sa hannu, ki ɗauki hoto.

Hajiya Mai Koko: Kawu, Allah ya ƙara sani, amma ni ban yarda ta ɗaga maganar wata shida a takarda ba. Shekarata 22 ina haya a garin nan, ban taɓa ganin wanda aka karɓi wata shida a hannunsa don ya karanto doka ba. Za ki ci nasara a ofis, ki dawo gidan da mai shi ba ya amsa gaisuwarki. Bayan wata kaɗan ya ce ɗansa zai yi aure yana son ɗakin, kuma Kawu da bakinka ka ce wannan dalili ne da kotu ke ji. Maman Fati, ki ɗauki limamin unguwa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku je bayan la'asar. Ni haka na samu aka raba mini biyu.

Kawu Tsohon Akawu: Ban ƙi ba, Hajiya, a je da dattijo. Kotu dai sai ta gamsu cewa bukatar ɗakin ta gaskiya ce, ba faɗa kawai ba. Kuma ba na cewa ta yi masa barazana da doka, shi ya sa na ce "ina roƙo". Abin da na ƙi shi ne a tashi daga zaure da "ba komai, Allah ya kai mu", ran 15 ta wuce, babu ko layi guda a rubuce. Idan mai gida ya rasu ko ya yi tafiya, magadansa takarda za su tambaya. Duk abin da aka daidaita a gaban liman a rubuta shi a daren, da kuɗin, da ranar farawa da ta ƙarewa, da ranar biyan kashi na biyu, shaidu biyu su sa hannu. Ko nawa ta biya ta karɓi rasit.

Alhaji Mai Gidaje, Sawaba: Raba biyu ina yi wa wanda na san halinsa. Amma ku sani, mu ma da wannan dunƙulen muke gyara. Da 3,300 ba za ka sauya rufin ɗaki ba. Doka ta 1963 ba ta san farashin kwanon yau ba, kuma a kan wannan ban sauka ba.

Hajiya Mai Koko: Ita ma Maman Fati ba ta san inda za ta samo 6,600 cikin sati shida ba, Alhaji, ga kuɗin makarantar yara.

Maman Fati, Aboabo: Na gode ƙwarai, iyayena. Na sake karantawa, daga ranar takarda aka ce, ran 15 ke nan. Ɗan ƙanwata zai buga mini amsar gobe yadda Kawu ya tsara, jibi kuma mu je da Malam liman. 550 ɗin zan iya jurewa idan an raba biyu. Ruwan ne ban san yadda za mu ƙare ba, don mu ɗaki tara ne a kan mita guda, kuma akwai mai sayar da abinci a cikinmu da take cika duro uku kullum da asuba.